An cire wa kyanwata mahaifa jiya: me zan sa a ɗinkin, me zan ba ta?

"Likita, barka da aiki. Jiya da safe aka yi wa kyanwata aikin cire mahaifa. Watanta takwas, nauyinta kilo 3. Da yamma aka ba ni ita, aka ce in dawo bayan kwana goma a cire zare. Har yanzu ba ta ci komai ba, sai lasar wurin take yi, kuma na ga ya ɗan tasa. Me zan shafa mata, me zan ba ta ta ci, kuma me zan gani in san abin ya ɓaci?"

Barka kadai, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Kafin mu shiga maganar ɗinki da abinci, ina so ki tashi ki duba abu uku a jikinta, domin su ne za su nuna mana ko muna da lokacin yin bayani a tsanake ko kuwa yanzu za ki koma da ita asibiti.

Ki ɗaga leɓenta na sama ki dubi dasashinta a wuri mai haske. Na kyanwa mai lafiya ja-ja ne mai haske, da ɗan danshi. Ki danna shi da yatsa ki saki: wurin zai yi fari, sannan launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. In kin ga dasashin ya yi fari fat, ko ya yi toka-toka, ko launin yana jinkirin dawowa, wannan ba abin jira ba ne. Bayan haka ki bari ta kwanta ta natsu, ki ƙirga ɗagawar ƙirjinta na rabin minti, ki ninka biyu. Numfashi 20 zuwa 30 a minti ɗaya shi ne daidai. In ya haura 40 alhali tana kwance, ko kin ga ta buɗe baki tana haki, shi ma na gaggawa ne, don kyanwa ba ta haki haka kawai yadda kare yake yi. Na ukun shi ne kuzarinta. Tana iya miƙewa ta yi tafiya? Tafin ƙafafunta da kunnuwanta da ɗumi, ko sun yi sanyi? Cikinta yana nan yadda yake, ko ya cika ya yi tauri?

Dalilin da ya sa na fara da waɗannan shi ne, a wannan aikin likita yana ɗaure jijiyoyin jinin da ke zuwa gidan ƙwai na dama da na hagu, ya ɗaure na gindin mahaifa, sannan ya yanke. In ɗaya daga cikin ƙullin nan ya zame, jinin ba waje yake fitowa ba, cikin ciki yake taruwa. Sai ki ga ɗinkin waje tsaf, babu ko ɗigo, amma dabba tana ta yin laushi. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma yawanci a yinin farko da daren farko ne, saboda haka kin riga kin wuce mafi yawan haɗarin. Duk da haka ki ci gaba da duba dasashin safe da yamma har kwana uku. In abubuwan nan uku lafiya lau suke, to ki kwantar da hankalinki mu ci gaba.

A kan abin shafawa, amsata ita ce kada ki shafa komai. Na san hannu yana ƙaiƙayi in an ga rauni, amma wannan ba irin raunin da ake ji a waje ba ne. Yanka ne mai tsabta, da aka yi da kayan aiki dafaffu, aka haɗa bakinsa da zare. Abin da yake buƙata shi ne ya zauna a bushe, kuma a bar shi. Man shanu, man kaɗanya, basilin da zuma duk suna jiƙa bakin ɗinkin su sa shi laushi, ƙura ta manne, kuma ƙanshinsu yana ƙara jawo kyanwar ga lasa. Toka da baƙin mai da garin gawayi kuwa datti ne kawai ake zubawa a rauni. Haka nan buɗe kafso a barbaɗa garin a wurin, da fesa shuɗin maganin nan da ake fesa wa awaki: ko ba su cutar ba, suna rufe launin fatar, alhali launin ne abin da ni da ke muke karantawa mu gane halin da ake ciki. Sifirit da haidurojin suna ƙona sabon naman da ke tsirowa, su jinkirta warkewa.

Detol da Aizal kuma ki nisantar da su gaba ɗaya. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da irin sinadarin da ke cikinsu yadda tamu take yi, ga shi duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe. Ko daɓen ɗakin da take kwana kada a goge da su, ruwa da sabulu sun isa, a ɗauraye a bari ya bushe.

In wurin ya ɓaci da ƙasa ko busasshen jini, abin da za ki yi amfani da shi ruwan gishiri ne. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ki bari ya huce. Ki wanke hannu, ki tsoma auduga ko tsabtataccen ƙyalle, ki riƙa dannawa a hankali a gefen ɗinkin ba tare da gurzawa ba, sannan ki tsane da busasshe. Ɓawon da ya kama a kan layin kada ki ɓamɓare shi. Wanka kuma babu shi sai an cire zare.

Lasar nan da kika ambata ita ce abin da ya fi damuna a cikin saƙonki, kuma ita nake so ki magance yau ɗin nan. Mutane kan ce ai miyau magani ne, kyanwa da kanta take warkar da ciwonta. A ɗinki ba haka ba ne. Harshenta kamar magagari yake, cike da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, waɗanda aka halitta don tsefe gashi da kankare nama daga ƙashi. In ta sa shi a kan zare, tana kuma haɗawa da haƙoran gaba tana ja, cikin dare ɗaya sai ta warware abin da aka ɗinka. Bakin nata kuma cike yake da ƙwayoyin cuta, shi ya sa cizon kyanwa yake saurin ruruwa.

Mafi inganci shi ne kwalar roba mai siffar mazurari da ake ɗaura wa dabba a wuya. Ki tambayi inda aka yi aikin, ko shagon kayan dabbobi. Bakinta ya zarce hancin kyanwar kaɗan, in ba haka ba za ta miƙa wuya ta kai ga cikin. A wuya kuma ki bar sararin da yatsu biyu za su shiga. Ranar farko za ta yi ta ja da baya, tana karo da bango, tana zama kamar an yi mata laifi. Ki daure. Yawancinsu kwana ɗaya ko biyu suke sabawa. Kwalar za ta zauna dare da rana, musamman da dare lokacin da ba kya gani. In ta hana ta cin abinci, ki canza mata kwano zuwa faranti maras zurfi ki ɗora a kan wani abu ya ɗan ɗaga, ko ki cire kwalar na mintunan cin abinci kawai, kina zaune a gabanta, ta gama ki mayar.

In ba ki samu kwala ba, ki yi mata riga. Ki yanke hannun tsohuwar riga mai talewa, ko doguwar safa ta babban mutum, ki huda ramuka huɗu na ƙafafu, ki zura mata yadda za ta rufe ciki amma ta bar wurin fitsari da kashi a buɗe. Riga ba ta kai kwala tsaro ba, don kyanwa mai naci tana lasa ta saman ƙyallen har ya jiƙe. Saboda haka ki riƙa ɗagawa sau biyu a yini kina dubawa, in ta yi danshi ki canza. A lokacin zafi ki zaɓi ƙyalle marar kauri.

Yanzu bari in gaya miki abin da ke ƙarƙashin zaren da kike gani, don in kin fahimce shi za ki gane dalilin dokar da ta fi wahalar bi. In a tsakiyar ciki aka yanka, ƙasa da cibiya, ɗinki hawa uku ne: na bangon ciki wanda ke riƙe da hanji, na naman ƙarƙashin fata, sai na fata. Wasu likitoci ta kwiɓi suke shiga, galibi na hagu, nan ma hawa-hawa ne. A kwana uku zuwa biyar na farko jiki bai fara saƙa sabon nama mai ƙarfi ba, yana aikin share wurin ne kawai, zare ne kaɗai ke riƙe da komai. Daga nan ne nama yake fara kamawa. Fata takan haɗe cikin kwana 10 zuwa 14, amma bangon ciki sai ya yi makonni kafin ƙarfinsa ya dawo sosai.

Matsalar ita ce kyanwa takan ji ta warke tun a kwana na biyu ko na uku. Zafi ya ragu, ta fara cin abinci, tana kuka a bakin ƙofa, tana son hawa katanga. Mai gida ya ga haka ya ce alhamdu lillahi ta samu sauƙi, ya buɗe mata. Mafi yawan ɗinkin da ke dawo mana a ɓace a wannan tsakanin ne ya ɓaci, daga kwana na uku zuwa na bakwai, lokacin da dabba ta fi raunin nata ƙarfi. Saboda haka ki ware mata ɗaki ɗaya har ranar cire zare, wanda babu kabad ko taga ko gado mai tsawo da za ta haye. In babu irin wannan ɗakin, babban keji ko babban kwali mai iska ya fi. Shimfiɗarta a ƙasa, tsohon zane mai tsabta, a riƙa canzawa. Yara su yi haƙuri da ɗaukarta. In dole ne ki ɗaga ta, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya, kada cikin ya rataya.

In ta saba fita tsakar gida ta tona ƙasa ta yi bahaya, ki kawo mata wurin bahayar ɗaki: tire mai gajeren baki, a zuba yagaggiyar takarda. Yashi yana mannewa a ɗinki in ta tsuguna. Wannan kuma zai ba ki damar ganin abin da take fitarwa. Fitsari ya kamata ta riga ta yi, in ta cika awa 24 ba ta yi ba, ko tana ta tsugunawa tana nishi babu abin da ke fita, ki kira likita. Kashi kuwa yana iya jinkiri kwana biyu ko uku, tunda cikin babu komai kuma maganin barci yana rage motsin hanji.

Wani abu da ake mantawa: in tana cikin neman namiji aka yi aikin, warin bai gushe nan take ba, mazurai za su ci gaba da zagaye gidan na wasu kwanaki. Barbara a wannan hali na iya yi wa ɗinkin cikin illa. Ƙofa da taga su zauna a rufe.

Sai maganar tasowar da kika gani. A kwana na biyu, ɗan kumburi a bakin layin, da ɗan ja kaɗan, da ɗigon ruwa mai launin jini-jini da ya bushe, duk cikin tsarin warkewa suke. Shawarata ita ce ki ɗauki hoton wurin kullum da safe, a wuri ɗaya da haske ɗaya. Ido yana mantawa da yadda abu yake jiya, hoto ba ya mantawa, kuma kina iya tura wa likitanki ya gani. Abin da ake so shi ne kowace rana ja da kumburi su ragu ko su tsaya. In suna ƙaruwa, da magana.

Kumburin da ke fitowa daga baya iri-iri ne, kuma da yatsa ake bambance su. Akwai ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin layin, girman gyaɗa ko ɗan goro, babu zafi, kyanwa ba ta damu in an taɓa ba, tana ci tana sha. Wannan jiki ne yake mayar da martani ga zaren ciki, yana da yawa a kyanwoyi, kuma yakan baje da kansa cikin makonni kaɗan. Akwai mai laushi, wanda in kin taɓa za ki ji ruwa yana motsi a ciki, shi ma ba zafi. Ruwan jiki ne ya taru a ƙarƙashin fata, yawanci don dabbar tana yawan motsi. A nuna wa likita, a ƙara tsare ta, amma kada kowa ya huda shi a gida, hudawa ce ke shigar da cuta. Akwai kuma na ruruwa: wurin ya yi ja sosai, ya yi zafi a hannu, tana zabura ko ta kai cizo in an taɓa, ruwa mai kauri rawaya ko kore yana fita, da wari. Yakan bayyana daga kwana na uku zuwa sama, sau da yawa tare da zazzaɓi da ƙin abinci. Wannan a ranar ake kai shi asibiti.

Na huɗun shi ne wanda nake so ki iya ganewa, don a ido yana kama da mai ruwa. Na taɓa karɓar wata kyanwa da aka yi wa irin wannan aikin, komai na tafiya daidai har kwana na huɗu, sai aka bar ƙofa a buɗe ta haye saman kabad ta diro. Washegari mai ita ta ga kumburi kusan girman ƙwan kaza a ƙarƙashin ɗinkin. Zaren fata yana nan cif, babu jini, babu wari, kyanwar ma tana cin abinci. Da na tsayar da ita a kan ƙafafunta, kumburin ya fito sosai. Da na kwantar da ita rigingine, sai ya ragu, na ɗan tallafe shi da yatsa ya koma ciki gaba ɗaya, na kuma ji bakin rami a bangon cikin. Ruwa ba ya yin haka, in ka danna shi gefe yake gudu, ba ya ɓacewa. Ɗinkin bangon ciki ne ya saki, kitsen da ke lulluɓe da hanji ya leƙo, fata kaɗai ta tare shi. A ranar muka sake buɗewa muka ɗinke, ta warke lafiya. Da an bar shi, abu biyu ake tsoro: hanji ya shiga ramin ya shaƙe, ko fatar ma ta saki. Ke dai ba sai kin yi ta dannawa ba. In kin ga kumburi mai laushi da ke girma in ta tsaya, ya ragu in ta kwanta, ki kai ta a ranar.

In kuwa, Allah ya kiyaye, ɗinkin ya buɗe har kin ga wani abu ja ko fari-fari ya fito, kada ki tura shi ciki, kada ki wanke da komai sai ruwan gishirin nan. Ki jiƙa tsabtataccen ƙyalle da shi ki rufe wurin, ki naɗe cikin da zane sako-sako, ki riƙe kanta kada ta kai baki, ki tafi nan take. In zare ɗaya ne kawai ya fita kuma bakin fatar yana haɗe, ki sa kwala ki kira likita ya gani, ba na tashin hankali ba ne.

Ki kula da ƙuda, musamman da damina da lokacin zafi. Ƙuda na yin ƙwai a rauni mai danshi, cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe. Gidan sauro a kan kejin ya wadatar. Kada ki fesa maganin ƙwari a jikinta ko a ɗakin tana ciki, kuma kada ki sa mata maganin ƙuma na karnuka, akwai irinsa da ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Mu zo ga abinci. Ƙin ci a daren farko ba abin mamaki ba ne, maganin barci yana kawo tashin zuciya da jiri. Amma ki lissafa: tun daren shekaranjiya wataƙila aka ce ki hana ta abinci saboda aikin, ga jiya, ga yau. Ta daɗe. Kyanwa ba ta jure yunwa kamar kare. In ta yi kwanaki ba ta ci ba, jiki yana kwaso kitse ya tura wa hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa, hantar ta cushe, kuma wannan ciwo ne da ya fi aikin da aka yi mata haɗari. Ya fi kama masu ƙiba, amma ba na sakaci da shi a kowace.

Ga abin da za ki gwada yau. Ki dafa tsokar kaza a ruwa zalla, babu gishiri, babu dunƙule, babu albasa, babu tafarnuwa. Ki yayyaga ta ƙanana, ki zuba ɗan romon a kai, ki ba ta da ɗumi-ɗumi. Ɗumin yana da amfani, don da hanci kyanwa take fara cin abinci, abu mai sanyi ba ya tashi da ƙanshi. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya tas shi ma ya yi, haka abincin kyanwa na gwangwani ko na leda in ta saba da shi. Ki fara da cokalin cin abinci ɗaya. In ta ci ya zauna awa biyu ko uku babu amai, ki ƙara wani. Kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar ya fi kwano ɗaya cike. In ta kawar da kai, ki lakato kaɗan a yatsa ki kai bakinta, wata sai ta ɗanɗana take tuna yunwa. Ki ajiye farantin ki ba ta wuri, kada yara su kewaye ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗura. Abincin da aka tura da ƙarfi yana iya sauka a huhu, kuma yana sa ta tsani abincin ma gaba ɗaya.

In magariba ta yi yau ba ta sa komai a baki ba, ki kira wanda ya yi aikin, gobe da safe ki kai ta. Sau da yawa dalilin ɗaya ne cikin biyu, zafi ko tashin zuciya, kuma kowanne akwai allurarsa. Amai sau ɗaya a daren farko ba komai. Amai da ke maimaituwa, ko wanda ya fara bayan ta riga ta koma cin abinci, sai an duba.

Madara kada ki ba ta, ko ta gari ko ta ruwa. Yawancin kyanwoyi bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ta kawo gudawa, gudawa kuma ga rashin ruwa a jiki ga ɓata ɗinki. Ragowar miya ma haka: albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa, dabbar da aka yi wa tiyata jiya kuwa jininta take buƙata. Tuwo da shinkafa cika ciki ne kawai a wurinta, nama ne abincinta, da shi kuma jiki yake gina sabon naman rauni. Kaza zalla ta kwanakin nan ce, ba ta isa abincin dindindin ba, da ta murmure ki mayar da ita kan abincinta na da.

Ruwa mai tsabta ya zauna kusa da ita kullum. Kyanwa mai kilo 3 tana buƙatar kimanin mililita 150 a yini, har da wanda ke cikin abinci, wato bai cika kofin shayi ba, don haka kada ki damu in ba ki ga tana sha da yawa ba alhali tana shan romo. Don ki gwada, ki ɗan ja fatar tsakanin kafaɗunta ki saki. In ta koma nan take, lafiya. In ta tsaya a tsaye tana komawa a hankali, ga dasashi ya bushe yana danƙo, ruwa ya yi ƙaranci.

Tunda na ambaci zafi, ki san cewa kyanwa ba ta cika kuka da ciwo ba, ɓoyewa take yi. Alamunsa su ne ta dunƙule wuri ɗaya da ƙusumbi, kai a ƙasa, ido a tsuke, kunnuwa sun baje gefe, ta shige lungu, ko ta yi fushi in an matso. Gurnanin nan na jin daɗi ma ba shaida ba ne, mai ciwo ma tana yin sa. In kin ga haka, likita ne zai ba da magani, kuma nan ne nake roƙonki da babbar murya: kada ki ba ta farasitamol, wato fanadol, ko da ɓari ne, ko da na ruwa na jarirai ne. Hantarta ba ta da abin da ke kashe gubarsa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe kyanwa. Jinin yana rikiɗa ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibufurofen da dikulofenak kuma ƙoda da ciki suke lalatawa. Ki gaya wa duk mutanen gidan, don galibi mai tausayi ne yake yin wannan ɓarnar. In wani ya riga ya ba ta, kada a jira alama, a tafi asibiti da kwalin maganin.

In an haɗo ki da maganin zafi na kyanwa, mai yiwuwa melosikam ne na ruwa. Ki ba da daidai adadin da aka rubuta, sau ɗaya a yini, bayan ta ci abinci. Tunda taki ba ta ci, ki dakata da shi har ki yi magana da likitan, haka kuma in amai ko gudawa ya zo, domin a jikin da ruwa ya ragu yana taɓa ƙoda. In kuma ba a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, ba mantuwa ba ce, aiki mai tsabta ba lallai ya buƙace shi ba, kada ki je kemis ki saya da kanki.

In kina da ma'aunin zafi kuma kin iya sa shi a dubura da ɗan basilin, na kyanwa digiri 38 zuwa 39.2 ne, ya fi na mutum, kada 38.5 ta tsorata ki. Daga 39.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Ƙasa da 37.5 kuma sanyi ya kama ta, wanda a wurina ya fi zazzaɓin ban tsoro in ya haɗu da kasala. Da hunturu ki lulluɓe ta, ki sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul a gefenta yadda za ta iya matsawa in ya ishe ta. Kada ki kusantar da ita ga garwashi. Da bazara kuwa inuwa da iska take so.

Ranar cire zare ki bar wa likita aikinsa, ko da kin ga wurin ya haɗe, don a lokacin ne zai lalubi bangon cikin ya tabbatar ya kama. Bayan an cire ki bar kwalar kwana ɗaya ko biyu, ƙananan ramukan zaren su rufe, fita waje kuma a fara ta a hankali. Daga nan sai ki sa ido a kan kwanonta. Kyanwar da aka cire wa mahaifa cinta yana ƙaruwa, alhali abin da jikinta ke buƙata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Taki tana kan girma, don haka ba yanzu za ki rage mata da yawa ba, amma ki daina barin abinci a gabanta yini guda, ki riƙa aunawa sau biyu ko uku. Ki shafa gefen ƙirjinta lokaci-lokaci: ya kamata ki ji haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan siririn kitse ba tare da kin danna ba. In kuma bayan makonni ko watanni kika ji ta koma kukan neman namiji, tana birgima tana ɗaga gindi, ki mayar da ita a duba, wani lokaci ɗan guntun gidan ƙwai ne ya rage a ciki, kuma ana iya cire shi.